Logbuk na aiti: yadda ake rubuta ranar aiki ta tsaya a gaban masu dubawa

Mafi yawan logbuk ɗin da ɗalibai ke dawowa da su daga aiti, wato zaman koyon aiki da makaranta ke tura su a masana'antu da ma'aikatu, idan ka buɗe tsakiyarsu, abu ɗaya za ka tarar. Litinin: gyaran moto. Talata: ci gaba da gyaran moto. Laraba: an koya mana yadda ake duba kayan wuta. Alhamis: ci gaba. Mai yiwuwa ɗalibin ya je wurin aikin kullum, ya sha zafin Sharaɗa da ƙarar injina, hannunsa ya yi baƙi da giris, amma littafinsa bai bambanta da na wanda ya zauna a gida ya cike shi a dare biyu ba. Shi kuma malamin da zai ba da maki ba ya wurin a lokacin da aka yi aikin. Abin da ke gabansa takarda ce, da sa hannun ogan wurin, sai kuma ɗalibin da zai tsaya a gabansa ya amsa tambaya na ɗan lokaci. A ganina duk sirrin cike logbuk yana cikin wannan: kowane layi da ka rubuta, ka ba mai dubawa damar ya tambaye ka a kansa ne, don haka ka rubuta abin da za a iya tambayarka kuma ka iya amsawa.

Tsarin kansa sananne ne. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata, wadda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarta ke Jos, ita ta fara shirin SIWES, wato shirin aiti na ɗalibai, a 1973, saboda masu masana'antu sun riƙa kukan cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san karatu amma ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Ɗaliban jami'a a fannoni irin su injiniyanci da kimiyya sukan yi wata shida, na kwalejin fasaha da kwalejin ilimi sukan yi wata huɗu. A Kano ɗalibai daga Jami'ar Bayero, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, da jami'ar Wudil da sauransu sukan bazu a masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, da ma'aikatun gwamnati, da ɗakunan gwaji, da ƙananan wuraren gyara na cikin gari. Littafin da makaranta ke ba su an raba shi mako-mako: akwai layin kowace rana, akwai shafin zane, akwai wurin da ogan wurin aiki zai yi sharhi ya sa hannu a ƙarshen mako, akwai na malamin makaranta idan ya zo zagaye, a ƙarshe kuma jami'in ITF ya buga hatimi. Da Turanci ake cike shi, amma misalan da zan kawo da Hausa zan kawo su, domin ba harshen ne ke kayar da ɗalibai ba.

Mu ɗauki rana ɗaya mu bi ta dalla-dalla. A ce ɗalibin injiniyan lantarki ne, yana aiti a sashen gyara na wata masana'antar robobi a Sharaɗa. Da misalin ƙarfe goma na safe aka kira sashen cewa moton famfon da ke tura ruwan sanyaya injina yana ta kashe kansa: a tashe shi, ya yi kamar minti ashirin, obalod, wato na'urar da ke katse wuta idan moto ya ja fiye da kima, ya cire. Oga ya ɗauki mitarsa ya ce, "Kai ɗan aiti, biyo ni da akwatin nan." Abin da ya faru daga nan zuwa azahar, ɗalibai da yawa za su taƙaita shi da cewa "mun gyara moton famfo". Wannan layin yana da lahani biyu. Na farko bai faɗi komai ba. Na biyu, kamar yadda za a gani, ba ma gaskiya ba ne, domin ba moton ne ya lalace ba.

Ga abin da ya auku. A jikin moton akwai ɗan farantin ƙarfe da ke ɗauke da bayaninsa: mai fes uku ne, wato layukan wuta uku ke shigarsa, kilowat 7.5, bolt 415, amfiya 14.2 idan ya ɗauki cikakken kaya. An saita obalod a kan amfiya 14.5. Oga ya tashi moton, ya maƙala mitarsa a wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ya karanto: 18, 17.5, sai ta uku 10.5. Ɗalibin yana tsaye a gefe yana kallo, saboda wuta na ciki, ba a barin ɗan koyo ya sa hannu. Lafiyayyen moto yakan ja wuta kusan daidai a layuka ukun, to ganin biyu sun haura abin da farantin ya ce ɗaya kuma ta yi ƙasa, an san akwai rashin daidaito, amma ba a san daga ina ba: ko daga wutar da ke shigowa, ko daga kwal ɗin moton, wato naɗin wayar da ke cikinsa, ko daga wani abu a tsakaninsu. Oga ya auna wutar da ke shiga akwatin, ya sami bolt 405, 402 da 408, wato ba daga can ba ne. Sai ya kashe wutar gaba ɗaya, ya tabbatar da mita cewa ta mutu, ya buɗe kan moton ya cire ƙarafan da ke haɗa tashoshin, wato bakunan kwal ɗin, ya miƙa wa ɗalibin mita ya ce ya auna kowane kwal. Ɗalibin ya auna tsakanin U1 da U2, V1 da V2, W1 da W2, ya sami om 1.8, 1.8 da 1.9. Daga nan aka sa mega, mitar da ke gwada ko wuta na iya zurarewa, a bolt 500 tsakanin kwal da jikin moton. Oga ne ya danna, ɗalibin ya riƙe waya ya karanta: megaom 120, alhali abin da masu aikin ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin da za a yarda da shi a irin wannan moto shi ne megaom ɗaya. Moto lafiyarsa ƙalau. Da aka kwance kontakta, na'urar da ke haɗa wa moto wuta da katse ta, sai ga bakin layi na uku ya ƙone ya yi baƙi, wuta na wucewa ta cikinsa da ƙyar. Oga ya sa sabuwa, ɗalibin ya ɗaure sukurorin wayoyi, oga ya bi ya sake gwada ƙarfin ɗaurin. Da aka tashi moton layuka ukun suka nuna 13.1, 13.4 da 13.2.

Layin rana a logbuk gajere ne, da wuya ya ɗauki fiye da jimla huɗu ko biyar, don haka ba duk wannan zai shiga ba. Abin da ya kamata ya shiga kusan haka ne: "Moton famfon ruwan sanyaya, kilowat 7.5, bolt 415, yana cire obalod bayan kusan minti ashirin. Na kalli mai kula da ni yana auna wutar da yake ja: amfiya 18, 17.5, 10.5. Bayan an kashe wuta na auna kwal uku da kaina, om 1.8, 1.8, 1.9, na kuma taimaka wajen gwajin mega, megaom 120. An gano bakin kontakta na layi na uku ya ƙone, an canja ta, na ɗaure wayoyin ƙarƙashin kulawa. Bayan gyara: 13.1, 13.4, 13.2."

Dubi abin da wannan ɗan rubutu ya ƙunsa. Ya faɗi wane inji ne da girmansa, ya faɗi alamar cutar, ya faɗi abin da aka auna da abin da aka samu, ya faɗi abin da aka yanke da yadda aka tabbatar an dace. Malamin da ya san fannin, yana karantawa zai gane cewa lambobin sun dace da juna: moto mai kilowat 7.5 a bolt 415 dama kusan amfiya 14 yake ja, kuma ƙonannen baki ɗaya dama haka yake sa layi ɗaya ya faɗi sauran biyu su hau. Wanda ya ƙirƙiro lambobi a ɗakin kwana yakan yi tuntuɓe a daidai nan, ya rubuta wa irin wannan moto amfiya 40, ko ya ce ya auna kwal da wuta a ciki. Kuma bayan wata biyar, idan aka zo rubuta rahoton ƙarshe, wannan layi kaɗai ya isa ya dawo wa ɗalibi da ranar gaba ɗaya, har ya fitar da shafi biyu daga cikinta.

Inda na fi so a tsaya shi ne wuraren nan da ya ce na kalla, na auna da kaina, na taimaka, na ɗaure ƙarƙashin kulawa. A nan gaskiyar logbuk take, kuma a nan ɗalibai suka fi zamewa ba tare da sun ji sun yi ƙarya ba. Kalmar "mun" ita ce mafakar kowa: mun gyara, mun haɗa, mun gwada. Mutum biyar na iya tsayawa a kan aiki, ɗaya na yi huɗu na kallo, dukkansu su rubuta "mun". Ɗalibi yana ganin idan ya rubuta cewa kallo kawai ya yi, makinsa zai ragu. Akasin haka ne ya fi faruwa. Duk malamin da ya taɓa shiga masana'anta ya san ba a ba ɗan aiti na mako uku mita ya cusa hannu a akwatin da wuta ke ciki, in kuwa aka ba shi to wurin ne ke da matsala. Idan ya ga littafin da tun makon farko ɗalibi ke cewa shi ya kwance, shi ya naɗa kwal, shi ya haɗa, zai fara zargi, kuma tambayarsa a ranar difens, ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa, za ta yi tsanani. Wanda ya ce shi ya yi gwajin mega, za a tambaye shi a bolt nawa ya saita, tsakanin ina da ina ya sa wayoyin, me ya yi bayan ya gama kafin ya taɓa tashoshin. Wanda ya yi da hannunsa ya san ana sauke cajin da ya rage a kwal zuwa ƙasa kafin a taɓa, domin ko ya ga an yi ko ya taɓa jin ɗan fizgar. Wanda ya ara daga littafin abokinsa zai yi shiru yana kallon silin.

Bayan haka, bambanta kallo da taimako da yi da kai shi ne ke nuna ci gaba, kuma ci gaban ne ainihin abin da ake nema a wata shidan. Littafin kirki, makonninsa na farko cike suke da na kalla da an nuna mini. Zuwa wata na biyu na taimaka ya fara yawa. Zuwa na huɗu ana ganin na yi ƙarƙashin kulawa, wataƙila a na ƙarshe a ga an tura ni ni kaɗai in duba famfon rijiyar burtsatse na dawo da rahoto. Wanda ya fara da "mun gyara" ya ƙare da "mun gyara" ya shafe wa kansa wannan hawan, ko da kuwa ya hau ɗin da gaske.

To ta yaya lambobin nan ke isa cikin littafi? Ba ta hanyar tuni ba. Babu mai riƙe 18, 17.5 da 10.5 a ka daga ƙarfe goma na safe har bayan isha'i, balle zuwa ƙarshen mako. Kuma ba a kai logbuk kansa bakin inji, domin guda ɗaya ne, idan mai ya zube masa ko ya ɓace, samun wani da sake neman sa hannun makonnin baya wahala ce babba. Abin da ke aiki shi ne ɗan ƙaramin littafi na aljihu da biro, ana rubuta lamba a lokacin da aka karanto ta, da sunan kayan aikin, da duk kalmar da oga ya faɗa wadda ba a gane ba. Waya ma tana yi a inda aka yarda, musamman ɗaukar hoton farantin inji, sai dai masana'antu da yawa ba sa son a riƙa ɗaukar hoto a cikin wurin aiki, don haka a tambaya tukuna. Da yamma, kafin a tashi ko da an isa gida, a zauna minti goma a tace abin da ke littafin aljihu zuwa logbuk. Littafin aljihun nan kada a yar da shi. Idan wata rana aka yi gardama a kan ko ɗalibi ya je ko bai je ba, shafinsa mai tabon giris da rubutun gaggawa ya fi kowace rantsuwa ƙarfi.

Akwai abin da ɗalibai ke tambaya a kai a kai, kuma a Kano tambaya ce mai tushe: ranar da ba a yi komai ba fa? Wuta ta ɗauke tun safe, dizal ya yi tsada an ƙi tayar da janareto, ko kayan aiki sun ƙare ana jiran tirela, ma'aikata na zaune a inuwa. Ga Juma'a, wadda a wurare da yawa aiki ke tsayawa kafin masallaci, wasu ba a dawowa. Jarabar da ke zuwa ita ce a ɗauko aikin jiya a shimfiɗa shi a kan yau, ko a buɗe littafin makaranta a kwafo ma'anar taransifoma a cike layin. Duka biyun ana gane su. Kwafen littafi yana da wata irin murya, jimlolinsa sun fi na ɗalibin tsafta, kuma ba ya ɗauke da sunan inji ko lamba ko lokaci. Gara a rubuta abin da ya faru: "Babu wuta daga ƙarfe tara zuwa uku, ba a yi aiki ba." Wannan layin gaskiya ne, ogan da zai sa hannu ya san haka aka yi, malamin da zai karanta shi ma a garin nan yake zaune. Sai dai idan irin layin ya yi yawa, tambaya za ta koma kan ɗalibin: da kake zaune, me ka yi? Ranar da injina ke tsaye ita ce ranar da za a iya buɗe akwatin wuta a bi wayoyinsa a zana, a zagaya a kwafi farantin kowane moto a sashen, a roƙi mai kula da sito ya nuna yadda ake gane lambar boris, a karanta littafin da ya zo da inji. Sai layin ya zama: "Babu wuta. Na bi wayoyin akwatin famfo na zana yadda kontakta, obalod da maɓallan tashi da tsayawa suka haɗu. Mai kula da ni ya gyara mini wuri ɗaya. Duba shafin zane." Haka nan ranar da ba ka je ba, ka rubuta ba ka je ba da dalili, rashin lafiya ko rasuwa ko izinin da ka nema. Masana'antu da yawa suna da rajistar shiga a bakin ƙofa, kuma malamin da ya zo zagaye yana iya neman ganinta.

Shafin zanen nan, da na ambata, shi ne wanda aka fi wulaƙantawa. Ko a bar shi fari, ko a manna hoton da aka sauko da shi daga intanet na wani moto mai sheƙi da ba a taɓa gani a Sharaɗa ba. Zanen hannu da fensir da rula, na ainihin akwatin da aka yi aiki a kansa, da sunayen sassa da kwanan wata da kibiya mai nuna bakin da ya ƙone, ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba, ko da layukan sun ɗan karkace. A ɗaure shi da ranar da ya shafa, yadda mai karatu zai iya tashi daga layin Talata ya je zanen ya dawo.

Sai batun sa hannu, wanda rabinsa ba a hannun ɗalibi yake ba. Tsari ya ce duk mako ogan wurin ya karanta, ya yi sharhi, ya sa hannu. A aikace oga mutum ne mai hidima, zai ce "ajiye, sai an jima", an jima ta zama wata biyu, ranar ƙarshe ya zauna ya zuba sa hannu ashirin da huɗu da biro ɗaya, kowanne da sharhin kalma ɗaya. Mai dubawa yana ganin wannan, kuma ko da ba laifin ɗalibi ba ne, yana rage wa littafin nauyi, domin sa hannun da aka yi bayan wata biyar ba shaidar komai ba ne, ogan kansa ya manta abin da aka yi a makon. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a nemi lokaci ɗaya tsayayye tun makon farko, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wace rana ce ta fi maka sauƙi in riƙa kawo littafin nan?" Idan ya ce Juma'a da safe, to kowace Juma'a da safe littafi na kan teburinsa a buɗe a shafin, da biro. A kuma fahimci wane ne ya cancanci sa hannun. Sau da yawa wanda ke koya maka aiki a zahiri wani tsohon ma'aikaci ne da ba shi da hatimi, mai hatimin kuma injiniya ne a ofis da bai ga abin da ka yi ba. Mafita ita ce na ƙasan ya fara dubawa ya tabbatar, sannan a kai wa na saman. Wani amfanin kai littafi duk mako shi ne gyara: oga na iya cewa, "A'a, wannan ba rile ba ce, kontakta ce," tun kuskuren bai yi tafiyar mako goma ba.

Idan an yi kuskure a rubutu, a ja layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a rubuta daidai a gefe. Farin fentin gogewa da yage shafi suna jawo zargin da kuskuren kansa bai jawo ba. Haka kuskuren aiki: ɗalibin da ya rubuta cewa karatunsa na farko ya fito om 2.1 saboda bai cire na wayoyin mita ba, oga ya nuna masa ya haɗa bakunan biyu ya ga abin da suke ƙarawa sannan ya rage, wannan ɗalibin ya nuna ya koyi abin da ba ya cikin lacca. Ban taɓa jin wanda aka rage wa maki don irin wannan layi ba.

Gaskiya a logbuk tana da iyaka ta wani ɓangare, wato sirrin wurin da ya karɓe ka. Bayani dalla-dalla ba ya nufin a kwashe komai. Littafin zai bi ta hannun mutane da yawa, a makaranta da ofishin ITF, wani lokaci ya ƙare a tarin takardu a wani lungu da kowa ke iya ɗauka. Sunan abokin cinikin kamfani, da farashin da aka yi masa, da ma'aunin haɗin da masana'anta ke tinƙaho da shi, ba su da wuri a ciki. Wanda ke aiti a ɗakin gwaji na asibiti zai rubuta irin gwajin da ya yi da hanyar da aka bi da adadin samfurin da ya duba, ba sunan mara lafiya ko lambar katinsa ba. Wanda ke ofishin kwamfuta ba zai rubuta kalmar sirri ko adireshin na'urorin cikin gida ba. A misalinmu, girman moto da wutar da ya ja ba sirrin kowa ba ne, amma adadin kayan da masana'antar ke fitarwa a rana yana iya zama. Idan ana shakka a tambayi oga kafin a rubuta. Kuma logbuk ba wurin kai ƙara ba ne. Idan wurin bai ba ka aiki ba sam, ko an mai da kai ɗan aiken sayen abinci, wannan magana ce da za a kai wa ofishin SIWES na makaranta tun da wuri, a nemi canjin wuri bisa ƙa'ida, ba a bari sai wata na biyar a cike littafi da ayyukan da ba a yi ba.

Yana da kyau ɗalibi ya san yadda mai dubawa ke karanta littafi, domin ba daga shafin farko zuwa na ƙarshe yake bi ba, yana da tari a gabansa. Yakan fara da kwanan wata. Littafin da aka cike a zama ɗaya yakan manta da kalanda: sai ka ga an yi "gyaran janareto" ranar 1 ga Oktoba, ko ranar Sallah, ko a ce Litinin alhali kwanan watan ya faɗa Lahadi. A masana'antar da ke aiki dare da rana ana iya zuwa ranar hutu, amma sai a faɗi haka a layin. Sannan yakan dubi rubutun: na wanda ke cikewa kullum yana canjawa, yau biro shuɗi gobe baƙi, yau a natse gobe a gajiye, na zama ɗaya kuwa yakan tafi sumul, ya riƙa lalacewa a hankali zuwa ƙarshe yadda hannu ke gajiya. Idan ɗalibai uku daga aji ɗaya suka yi aiti a wuri ɗaya, yakan jera littattafansu. Aiki ɗaya suka gani, don haka lambobi za su zo ɗaya, wannan ba laifi ba ne, amma ba zai yiwu dukkansu su zama wanda ya riƙe mita ba, kuma ba zai yiwu su yi kuskuren rubutu ɗaya a kalma ɗaya ba. Daga nan sai ya buɗe wani shafi a tsakiya, ya ɗora yatsa a kan layi, ya ce, "Malam, ba ni labarin wannan ranar."

Ga ɗalibinmu na Sharaɗa, tambayar da za ta biyo baya kusan sananniya ce: me ya sa ba ku ƙara saitin obalod ɗin kawai ba, tunda shi ke cirewa? Amsar tana cikin lambobin da ya rubuta. Obalod ɗin aikinsa yake yi, layuka biyu suna jan kusan amfiya 18 a moton da aka yi wa 14.2, da an ƙara saitin da kwal ya ci gaba da zafi har ya ƙone, a koma neman mai naɗi da kwanakin da famfo zai yi a tsaye. Za a iya ƙara masa da cewa, to me ya sa aka auna kwal kafin a kwance kontakta? Nan ma yana da abin faɗa, har yana iya cewa a ganinsa da an fara auna wutar da ke fita daga kontakta an kwatanta da mai shiga, da an gano matsalar ba tare da an buɗe kan moton ba.

Makarantu sun bambanta a yadda suke raba maki tsakanin logbuk, rahoto, ziyarar malami da difens, wasu kuma suna da nasu ƙa'idojin kan launin biro ko yawan layi, don haka takardar da ofishin SIWES ya raba a taron wayar da kai ita ce abin bi. Fom ɗin fara aiki, SCAF, ana kai shi ofishin ITF a makonnin farko, Fom 8 kuma a ƙarshe ake cike shi, kuma kwanan watan da ke jikinsu dole ya dace da ranar farko da ta ƙarshe a logbuk. Wanda ya fara aiki a makare saboda neman wuri, ya rubuta ainihin ranar da ya fara a duka ukun, ya sanar da makaranta, a san yadda za a cike makonnin da suka rage.